Hoton Taswirar da Ya Kayar da Mu

Taswira ɗaya ce tal a ajinmu da ke Jibiya, don haka muka ɗauki hotonta da wayar yayan ɗayanmu. Tambayar malam ita ce nisan wata rijiya daga hanyar da ta tsallaka iyaka zuwa Maraɗi. Sikelin 1:50,000 ne, wato santimita 2 a takarda kilomita 1 ne a ƙasa. Muka ɗora rula a kan waya, muka samu santimita 3, muka rubuta kilomita ɗaya da rabi. Duk muka faɗi. A takardar asali santimita 8 ne, kilomita 4 ke nan.

Ashe hoto yana ƙanƙantar da taswira, lambar sikelin kuwa ba ta canjawa. Layin sikelin da ke gindin taswirar ya kamata mu gwada, domin tare suke ƙanƙancewa.

Kusurwar kamfas ma ta kauce, saboda a karkace muka riƙe wayar. Da mun lura, ai murabba'an taswirar duk sun jirkice. Layukan kwanto ne kaɗai ba su ruɗe mu ba: inda suka matsu, gangaren mai tsauri ne.