Wata a Gida na Huɗu: Abin da Taswirar Haihuwa Ke Cewa Game da Gida da Kwanciyar Hankali

'Yar uwa, wataƙila kin taɓa cin karo da manhajojin nan na waya da ke tambayar ranar haihuwa da lokaci da gari, sannan su zana miki da'ira mai yanka goma sha biyu. A cikin bayanan da suke fitarwa akwai wanda na lura yana kama zuciyar iyaye mata fiye da saura, wato idan aka ce Wata ya faɗo a gida na huɗu. Sai ki ji uwa ta ce, "Ashe shi ya sa yarinyar nan ba ta iya kwana gidan kowa!" Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekaru a ɗakin haihuwa, kuma lokacin da ake shigarwa a manhajar nan irinmu ne ke rubuta shi a kati. Shi ya sa nake ganin ina da ta cewa.

Malamanmu sun bambanta tsakanin duba taurari don sanin lokaci da alƙibla da shigowar damina, da kuma duba su don yanke hukunci a kan halin mutum ko abin da zai same shi. Na farkon ba laifi, na biyun sun hana. Ba kiranki nake yi zuwa duba ba. Amma abin ya riga ya shigo wayoyinmu, 'ya'yanmu mata suna karantawa, gara ki san me ake faɗa da kuma inda aka samo shi.

Masu wannan ilimi suna raba sararin da ke kewaye da jariri a daidai lokacin haihuwarsa gida goma sha biyu. Shida suna saman ƙasa, shida suna ƙarƙashinta, inda ido ba ya gani. Gida na huɗu yana can ƙasan da'irar, ƙarƙashin ƙafafunki, wurin da rana take idan dare ya kusa rabawa. A manhaja za ki ga an rubuta IC a bakin wannan gida. Masanan Larabawa na da suna kiransa turken ƙasa. Saboda yana ƙasa ne aka jingina masa duk abin da ke da tushe: gidan da aka tashi, gona, gado, iyaye da kakanni, abin da aka binne, har da ƙarshen al'amari. Ni dai duk lokacin da na karanta wannan sai in tuna yadda ake binne mabiya a cikin gida bayan haihuwa, da yadda mutum ke cewa ga inda aka binne cibiyarsa.

Shi kuwa Wata, a wurinsu shi ne alamar uwa, da ciyarwa, da sabo, da yanayin zuciya mai hawa da sauka kamar yadda shi ma yake cika yana ragewa. To idan alamar uwa ta zauna a gidan tushe, sai su ce an sami mutumin da hankalinsa ba ya kwanciya sai gida ya zauna lafiya. In an yi faɗa a gida da safe, ya tafi da shi wurin aiki har yamma. Yana riƙe tsofaffin hotuna da kwanon kakarsa, yana son ciyar da mutane, kuma idan duniya ta yi masa zafi ɗaki yake shiga ya rufe ƙofa. Sukan ƙara da cewa yana manne wa uwarsa, barin gida na yi masa wuya, kuma abin da ya faru da shi yana ƙarami ba ya sakinsa da sauƙi. Wasu kuma su ce tunda Wata ba ya zama wuri ɗaya, irin wannan mutum yakan yi ta sauya gida yana neman inda zai ji kamar gidansu. Ki lura da wannan: mai zaman gida ya shiga, mai yawan ƙaura ma ya shiga.

Ba su tsaya nan ba, sai an duba burujin da Watan yake ciki. A Saradan, wanda suke ɗauka gidansa ne, ko a Sauru, sai a ce gida ne mai ni'ima da uwa mai taushi. A Aƙrabu ko Jadyu sai a ce akwai ɓoyayyen ciwo ko sanyin mu'amala a gidan da aka tashi.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne su kansu ba su yi ittifaƙi a kan wane ne mai gida na huɗu ba. A littafin da Bature William Lilly ya wallafa a 1647, gidan uba ne, uwa kuwa tana gida na goma. A wurin masanan Indiya gidan uwa ne da jin daɗin zuciya, kuma suna ganin Wata yana samun ƙarfi na musamman idan ya zauna a cikinsa. Fassarar da kike gani a waya yau, mai cike da maganar uwa da shauƙi, ta fi karkata ga ra'ayin marubutan zamani. Da a ce mai duba na Ingila na wancan ƙarni ne ya kalli taswirar 'yarki, zancen babanta da filayensa zai yi miki.

Yanzu bari mu zo inda aikina ya shafa. Wata yana ɗaukar kusan kwana biyu da rabi a kowane buruji, amma a gida ba ya wuce kimanin awa biyu, domin juyawar duniya ce ke zagaya da shi gidajen duka goma sha biyu a yini ɗaya. Ke da kanki za ki iya ƙiyasta wannan da kwanan wata, ba sai da manhaja ba. Ranar da wata ya cika, wajen sha huɗu ko sha biyar, yana kishiyantar rana. Don haka idan rana ta doshi tsaka, shi yana can ƙarƙashin ƙasa, kuma jaririn da aka haifa a awa biyun da ke gabanin zawali Watansa na gida na huɗu. A farkon wata kuwa yana tare da rana, sai abin ya koma tsakanin ƙarfe goma zuwa sha biyun dare. Wajen bakwai ga wata, da asuba ne. Ke nan kusan mutum ɗaya cikin kowane goma sha biyu yana da wannan matsayi. A ajin 'yarki mai ɗalibai sittin, ki ƙaddara biyar.

Ga misali daga wata ƙawata. 'Yarta an haife ta ranar da wata ya cika. A katin asibiti an rubuta ƙarfe 12:00, wanda a garinmu bai kai zawali ba, don haka manhaja ta ajiye Wata a gida na huɗu, dab da bakinsa. Amma kakar yarinyar ta dage cewa da hantsi aka haife ta, wajen ƙarfe tara, ita kuma uwar tana tuna jin kiran sallar azahar jim kaɗan bayan kukan jaririya. Muka gwada duka ukun. Ƙarfe tara ya kai Wata gida na biyar, na wasa da nishaɗi da 'ya'ya. Ƙarfe ɗaya ya mayar da shi gida na uku, na 'yan uwa da surutu da zirga-zirga. Muka karanta mata fassarar uku ba tare da mun faɗa mata wacce ce wacce ba, kowacce sai ta gyaɗa kai ta ce wallahi haka yarinyar take.

Ba laifinta ba ne, kuma ba laifin katin ba ne. A ɗakin haihuwa idan jariri ya fito bai yi kuka ba, ko uwa na zubar da jini, babu mai kallon agogo. Sai komai ya lafa a ɗaga kai a rubuta, sau da yawa a cike zuwa rabin awa ko cikakkiyar awa. A lissafinsu kuwa kowane minti huɗu yana matsar da bakin gida da kusan daraja ɗaya. Wadda aka haifa a gida kuma, "bayan isha'i" kaɗai za a ce miki. Ƙari a kan haka, hanyoyin yanka gidajen ma sun sha bamban. Ki sauya saitin manhaja daga Placidus zuwa Whole Sign, sau da yawa za ki ga Wata ya tsallake zuwa gidan maƙwabci alhali lokacin bai canza ba.

An kuma gwada abin a ilimance. A 1985 mujallar Nature ta buga binciken Shawn Carlson, inda aka ba masu duban taurari taswirar haihuwa aka ce su zaɓi bayanin halin mai ita daga cikin guda uku. Ba su fi mai cinke ba. Tun kafin nan, a 1948, wani malamin ilimin halayya, Bertram Forer, ya raba wa ɗalibansa takarda iri ɗaya ya ce bayanin halin kowannensu ne, kuma galibinsu suka ce ta dace da su matuƙa. Wace uwa ce za a ce mata 'yarta na buƙatar gida mai natsuwa ta musa?

Duk da haka ba na yi wa mai karanta wannan fassara dariya, domin yaron da take siffantawa yana nan, ina ganinsa a ɗakin yara. Shi ne wanda ba ya karɓar magani sai a hannun uwarsa, wanda cikinsa ke ciwo duk ranar da iyayensa suka yi sa-in-sa, wanda ya koma fitsarin kwance bayan an kai shi riƙo gidan goggo. Mary Ainsworth, wadda ta zauna tana lura da iyaye mata da jariransu a Yuganda a tsakiyar shekarun 1950, ta ga cewa jaririn da uwarsa ke amsa kukansa da wuri kuma a kai a kai shi ne ya fi sakin jiki ya rarrafa nesa, ya waiwayo ya ganta, ya ci gaba. Aikinta da na John Bowlby ne tushen abin da ake koya mana game da shaƙuwar yaro da mai renonsa.

Abin da nake tsoro shi ne a ɗauki sunan a rufe magana da shi. Idan kika ce "haka Watanta yake", kin daina tambayar yaushe abin ya fara. Ƙawar tawa da muka zauna muka ƙirga, sai muka ga ƙin kwana a waje ya fara ne watan da aka yaye yarinyar aka kai ta gidan kaka kwana goma, ba a faɗa mata komai ba. Yanzu idan za ta kwana can, uwar takan gaya mata ranar da za ta zo ɗaukarta, ta ba ta zanenta ta tafi da shi, kuma ta zo ranar da ta faɗa. Makon jiya ta yi kwana biyu, ta dawo tana neman a sake kai ta.