Kuɗin Inji Ba Nawa Ba Ne Duka

Wanda ya bi hanyar Birnin Kabi zuwa Argungu ya san Ambursa da filin jirgin saman Sa Ahmadu Bello. Mu 'yan gari fadama muka sani. Da ruwan damina ya janye, sai kowa ya gangara noman rani, kuma tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a jiharmu a watan Nuwamba na 2015, da wuya ka sami gidan da ba ya da hannu a shinkafa. Ni ma'aikacin albashi ne, gonata ba ta taka kara ta karya ba. Abin da na yi shi ne na sayi injin ban ruwa mai bakin inci uku a 2021, a kan naira dubu sittin da biyar, ina shayar da 'yar gonata, sauran kwanaki kuma in ba da shi haya. Mai haya shi ke zuba fetur ɗinsa, ni ya biya ni kuɗin wuni.

Rani uku na yi ina karɓar kuɗin nan ban taɓa rubuta ko sisi ba. A raina ba sana'a ba ce, rabo ne Allah ke jefo mini. Dubu biyu ta shigo da yamma, in biya ta wurin mai kifi, in sa kati a waya, yara su tare ni a ƙofa, shi ke nan. Albashi kam ina jin nauyinsa, domin sau ɗaya yake zuwa a dunƙule, tun kafin ya iso an raba shi: hatsi, makaranta, bashin mai shago. Kuɗin da ke zuwa a gutsure, ba rana ba wata, ba ya da mai jiransa, don haka buƙatar da ta fara cin karo da shi ita ke tafiya da shi.

Ranin 2023 ne ya fi rikita ni. Farkon shekarar ne aka yi canjin takardun naira, tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a. Waɗansu masu haya suka koma turo mini ta waya, kuɗin ya faɗa asusun da albashina ke shiga, suka cakuɗe. Waɗansu suka ce in yi haƙuri sai an yi yanka a ba ni shanshera. Na amsa, na riƙe a ka. Da aka casa shinkafa, wani na ce masa wuni tara ya ɗauka, ya rantse shida ne, kuma ba na jin ƙarya ya yi, ya manta ne kamar yadda ni ma ban da tabbas. Na karɓi na shida, muka rabu kowa na zargin ɗan'uwansa.

Farkon rani na gaba injin ya buga. Ya jima yana hayaƙi yana shan baƙin mai, ni kuwa ina ɗaga juye daga wannan mako zuwa wancan, don duk ranar da na tuna aljihu babu kome. Bakanike ya kwance shi ya ce gyaran ya kusa rabin kuɗin sabo, kuma ba ya ba ni tabbacin zai kai ƙarshen rani. Na shiga Birnin Kabi na tambayi sabo, aka ce dubu ɗari da talatin. A tsakanin nan an cire tallafin fetur a ƙarshen Mayu na 2023, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya tashi. Ga shinkafata an dasa, ga masu haya na sallama a ƙofa, ga ni ba ko dubu goma ta inji.

Kawuna na je wa rance. Tsohon ɗan kasuwar dabbobi ne, boko bai dame shi ba, amma da ajami yake rubuta kowane ciniki. Ya bar ni na gama bayani, sannan ya ce, “To ɗana, rani ukku injin ga na aiki. Mi kay yi da kuɗɗinai?” Na ce hidimar gida, Kawu. Ya ce, “Hidimar gida da albashinka ta san ka. Kai dai ka cinye injinka ne da kaɗan-kaɗan.” Ya ba ni rancen, da sharaɗin in riƙa kawo masa littafi yana gani.

Maganarsa ta yi mini zafi don gaskiya ce. Da na zauna na ƙiyasta, injin kan yi kamar wuni saba'in a hannun masu haya kowane rani. A dubu biyu-biyu, ranin 2023 kaɗai ya kama dubu ɗari da arba'in, fiye da kuɗin sabon injin da na rasa. Kuskuren da na yi kashi biyu ne, kuma na biyun ya fi muni. Ban rubuta ba, sannan na ɗauka duk abin da ya shigo riba ce. Alhali kowane wuni da inji ya yi a fadama yana rage kwanansa ne, wani abu daga cikin kuɗin wunin nan kuɗin mutuwarsa ne, ba nawa ba.

Littafin da nake riƙewa yanzu na 'yan makaranta ne mai warƙa arba'in. Kowane shafi na ja masa layi gida biyar: kwanan wata, sunan mai haya, abin da muka yi ciniki, abin da ya shigo hannu, da abin da ya rage. Doka ɗaya ce ta sa ya yi amfani, inji ba ya fita zaure sai an rubuta, a gaban wanda zai ɗauka. Na gwada bari sai dare in rubuta, abin bai yi ba, bayan isha'i mutum ya gaji, gobe kuma ta shafe jiya. In da shanshera za a biya, nan take muke yanke kwano nawa ne kuɗin wuni, in rubuta kwanon, don farashi na iya canzawa kafin kaka a koma gardama. Wanda ya ɗauka kyauta ma, ƙane ko suruki, ina rubuta shi, in sa “kyauta” a gidan kuɗi. Ba don in bi shi ba. Rani na farko da na yi haka na tarar kusan wuni ɗaya cikin biyar kyauta injin ke fita, kuma a hannun 'yan'uwa ya fi daɗewa bai dawo ba. Ban daina bayarwa ba, zumunci ya fi ƙarfin haka, amma yanzu na san girman abin da nake bayarwa.

Rabon kuɗin kuwa ba da ka na yanke shi ba. Sabon injin da na saya dubu ɗari da talatin ne, na ɗauka zai yi rani uku kamar na farko, wato wuni ɗari biyu da goma na haya. In aka raba, kowane wuni ya ci kimanin naira ɗari shida da ashirin. Na mai da shi ɗari bakwai, don ranar da zan sayi wani ba a wannan farashin zan same shi ba. Na ƙara ɗari uku na baƙin mai da fulogi da tiyo da ladan bakanike. Ke nan a cikin dubu ukun da na koma karɓa a wuni, dubu ɗaya ta inji ce. Ɗari shida, kashi ɗaya cikin biyar, ita ce ajiyata. Dubu ɗaya da ɗari huɗu ta shiga gida, a ci ba fargaba. A wuni saba'in, inji ya tara dubu saba'in, ajiya dubu arba'in da biyu, gida ya sami dubu casa'in da takwas. Abin da ya sa nake cire kaso maimakon in ce kowane wata zan ajiye kaza shi ne, kuɗin ba ya zuwa daidai. Fabrairu da Maris, lokacin da rana ta buɗe shinkafa na neman ruwa, injin ba ya kwana gida. Damina kuwa ko naira ba ya kawowa.

Wannan ne ma ya sa adashi ya kusa kunyata ni. Na shiga zubin mako da na auna da makon da ya fi albarka, da aka shiga watan Mayu haya ta tsaya, sai ga ni ina zubi daga albashi. Mai kuɗin da ba ya da tabbas, in zai shiga adashi, ya auna zubinsa da makon da ya fi muni, kuma ya nemi wanda zai ƙare tare da rani.

Wurin ajiya shi ne rabin aikin. Kuɗin da ke cikin wayar da kake sayen kati da ita ba ajiyayye ba ne. Na buɗe wa inji asusu dabam, ban karɓi katin cirar kuɗi a kansa ba, masu turowa ta waya can suke turawa. Tsabar da ta shigo hannu kuma, kason inji da na ajiya uwargida nake miƙa wa tun ban zauna ba, ita ce ma'aji, kuma ta fi ni iya cewa babu. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci nake haɗa jimlar littafi da abin da ke asusu da abin da ke hannunta. In suka saɓa da dubu ɗaya ko biyu, akwai wunin da ban rubuta ba. In giɓin na ƙaruwa mako bayan mako, to hannuna ne ya fara komawa gidan jiya. Larura takan zo, rashin lafiya ko suna, in ta zo nakan taɓa ajiyata, in rubuta. Na inji kuwa in na taɓa, bashi nake rubutawa a kaina, kuma haya ta gaba duka can take tafiya sai ya cika.

Ajiyar ita ma tana da nata ciwon. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi talatin cikin ɗari, naira da ke kwance tana zagwanyewa. Sai na mai da ajiyata shanshera lokacin yankan rani, sa'ad da take da araha, da niyyar sayarwa in ta yi tsada, tunda ga kamfanonin casa a Argungu da Birnin Kabi, ba a rasa mai saye. Dabarar kan ci, amma ba kullum ba. A watan Yuli na 2024 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da waɗansu kayan abinci na kwana 150, har da shinkafa, kuma a 2025 farashin shanshera ya faɗi, masu ajiya da yawa suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Ga ɓera, ga laima in ba a shanya ta bushe sosai ba. Saboda haka rabin ajiyata kawai nake sa wa a buhu. Kuɗin inji kuwa ba ya shiga buhu ko turke, domin ranar da inji ya tsaya a tsakiyar Maris, shinkafa ba ta jiran a kai rago kasuwa.

Na gama biyan Kawu a rani na biyu. Littafin kuma ya nuna mini wani abin da da ka ba zan gane da wuri ba: kwanakin haya na raguwa. Tun da fetur ya yi tsada, masu hali suna komawa injin mai aiki da hasken rana, waɗansu kuma sun juya nasu zuwa gas, sunayen da na saba gani a shafi suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Don haka abin da ke taruwa a asusun inji ba wani injin fetur zan saya da shi ba, na hasken rana nake tarawa, kuma a lissafin da ke hannuna sai na ƙara da ajiyar rani ɗaya kafin ya isa.