Daga Azahar Zuwa La'asar

Saƙon farko da na tura mata na neman mu haɗu, kwana uku ya yi ba amsa. Wata mai dalilin aure ce ta haɗa mu a WhatsApp. Ni ɗan Mandera ne amma a Sakkwato nake aiki, ita kuma bazawara ce a Shagari, da ɗiya guda. Mun yi wata ɗaya muna hira, har na ga lokacin ganin ido ya yi. Sai na rubuta: "Ki shigo Sakkwato ranar Asabar da yamma, zan turo wanda zai ɗauko ki, in kin iso sai mu san inda za mu zauna." A ganina karamci na yi.

Da shirun ya dame ni, na nuna wa yayata saƙon. Ta karanta, ta miƙo mini wayar ta ce, "Kai ƙanena, in ɗiyarka aka turo ma wanga saƙo, za ka bar ta ta tafi?"

Ta sa na sake dubawa da idon mace. Motar tawa ce, direban nawa ne, garin nawa ne, wurin kuma ba shi da suna. Ga yamma, wadda ke nufin ko ta bi hanya da dare, ko ta kwana inda ba ta shirya ba. Komai na tattara a hannuna, ban bar mata ko ƙofar fita ba. Ni na san ba ni da mugun nufi, amma ita da me za ta sani? Mai mugun nufi ma da irin wannan ladabin yake rubutu.

Na ce to in tafi gidansu zance mana, kamar yadda aka saba. Yaya ta girgiza kai. Baƙo ya yi sallama a ƙofar bazawara, kafin ya tada mashin unguwa ta ɗaura musu aure. In abin bai yiwu ba, ita za a bari da surutu. Kuma ba kowace mace ke son mutumin da ta sani a waya kawai ya san ƙofar gidansu tun ranar farko ba.

Daren nan na sake rubutawa. Na ba ta haƙuri, sannan na ce: "In kin ga ya dace, mu gaisa a Boɗinga ranar Asabar, a gidan abincin nan na bakin titi, daga ƙarfe 2 zuwa kiran La'asar. Ki zo da wanda kika yarda da shi. In wurin ko ranar ba su yi miki ba, ki zaɓi naki. In kuma lokaci bai yi ba, wallahi ba komai." Na haɗa da cikakken sunana, da unguwarmu, da inda nake aiki, don 'yan'uwanta su bincika.

Boɗinga tana tsakanin Sakkwato da Shagari a kan titi ɗaya, don haka kowa zai zo da ƙafarsa ya koma da ƙafarsa. La'asar kuma ta zama mana iyaka. In hira ba ta yi daɗi ba, kiran salla zai raba mu ba tare da kowa ya ƙirƙiro uzuri ba, kuma za ta isa gida da sauran rana.

Cikin minti goma ta amsa. Sharaɗi ɗaya ta ƙara: mu yi kiran bidiyo tukuna, ta tabbata fuskar hoton ita ce tawa. Na so in tura mata kuɗin mota, ta ce in bari, ba ta son zuwa da bashi a wuya.

Ta zo da ƙaninta. Ya gaishe ni, ya ƙare mini kallo, ya koma tebur na gaba da lemonsa, inda yake ganinmu amma ba ya jin mu. Da farko na takura. Can sai na lura ita ce ke jan hirar, har da dariya, har tana tambayata abin da ya raba ni da matata ta farko. Ashe zaman yaron nan ne ya sakar mata baki.

Da aka kira salla muka tashi. Ban tambayi wace mota za su shiga ba, kuma ban bi su tasha ba. Na dai roƙi ta sanar da ni in sun sauka.

Kafin Magariba saƙo ya shigo: "Mun iso lafiya, Malam. Kawu ya ce in da gaske kake, ya san mutanen Mandera, ka turo manya."

Na kai wa Yaya ta gani. Ta ce, "To, yanzu ka iya tambayar hanyar gidan."