Takardar da Hajiya ta linke

A ƙarshen Disamba 2023 yayata, wadda ke da gidan abinci a Maradi, ta ce in rubuta mata jawabin godiya ga ma'aikatanta. Ai ni ne malamin gidan. Na cika shafi biyu da "jajircewa" da "sadaukarwa", har ina jin daɗin kaina.

Shekarar ta yi musu nauyi. Tun watan Agusta aka rufe iyaka saboda takunkumin CEDEAO, Nijeriya ta yanke wuta, nama ya riƙa lalacewa a firijo. Sau biyu albashi ya makara. Babbar kukunta kuma wani gidan abinci na zawarcinta, kowa ya sani.

Daren walimar an rufe ƙofa, ma'aikata tara suka zauna kan kujerun baƙi, Hajiya da ƴaƴanta suka raba abinci. Da ta miƙe, ta dubi takardata, ta linke ta, ta sa a jaka.

Ba da kuku ta fara ba. Ta juya wajen yarinyar da ke wanke-wanke ta ce: "Ɗiyata, ranar da famfo ya ƙafe ga abincin biki a kanmu, ke kika je har bayan tasha neman ƴan garuwa. Ban ce miki komai ba ranar, amma na gani." Yarinyar ta rufe fuska da mayafi. Mai gadi kuwa ta ce masa: "Baba, daren da wuta ta ɗauke, ku kuka buga mini waya ƙarfe biyu muka kwashe naman." Haka ta bi su, kowa da ranarsa da abin da ya yi. A takardata babu rana ko ɗaya.

Sannan ta zo inda na ba ta shawara ta tsallake. "Na riƙe muku haƙƙinku sau biyu. Ba ku kuka rufe iyaka ba. Ku yafe mini." Ta miƙa wa kowa ambulan, jika goma goma, ba bambanci. Na lura kukun ba ta ji daɗin wannan daidaito ba, kuma a ganina tana da hujja: shekara shida gaban murhu ba ɗaya ba ne da wata shida.

Kuskuren da ya fi ci mini rai wani ne. Wanda ya zaɓi kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, to dole ya kai ƙarshen layi. Hajiya ta manta yaron da ke kai abinci ofisoshi a kan babur. Ya karɓi ambulansa, ya tafa wa kowa, ya fita kafin a yi addu'a. Da takardata ta karanta, da ba wanda zai ji an tsallake shi, tunda ba wanda ta ambata.

Washegari ta je har gidansu ta ba shi haƙuri gaban mahaifiyarsa. Ya dawo aiki. Kukun ta tafi bayan ƙaramar salla.