Kai da Wa Kake Magana?

Ina shekara ta biyu a sashen lantarki, kuma ina ɗan yin bidiyo a kan harkar sola. A wani bidiyo na ce batir mai 12V da 100Ah yana riƙe wat 1,200 na awa guda, don haka fanka mai cin wat 60 za ta yi awa 20 a kansa. Ana tsakiyar zafin Afrilu wani mai kallo ya rubuto mini: "Malam, a kan maganarka na sayi batir saboda ɗakin mahaifiyata. Awa takwas fankar ta yi ta tsaya. Ka cuce ni."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. A daren na cika shafi biyu da amsa. Na fara da "Jama'a, yau za mu yi bayani a kan batir", na kawo ire-irensa, na fassara kowace kalma kamar mai amsa jarrabawa. Na ɗauka, minti huɗu cif. Abokin ɗakina ya kalla har ƙarshe, ya miƙo mini wayar ya ce, "Ka iya karatu, wallahi. Amma kai da wa kake magana? Ina mutumin da tsohuwarsa ke jin zafi?"

Na koma kan takardar, na rufe maganar mutumin da yatsa, na karanta sauran. Babu abin da ya ragu. Zan iya ɗora bidiyon nan ko da bai taɓa rubuto mini ba. Tun ranar wannan ne gwajina: in aka cire maganar mai kallo rubutun ya tsaya da ƙafarsa, to lacca na rubuta, ba amsa ba.

Na yage, na sake. Da farko na kori "jama'a" na sa "kai". Sannan na buɗe da kalmominsa yadda ya faɗe su, har da "ka cuce ni", ba tare da na ambaci sunansa ba. Abin da ya fi mini wuya shi ne layi na gaba, domin da na sake lissafi na ga yana da gaskiya. Ga abin da na rubuta:

"Yayana, ka ce awa takwas fankar Mama ta yi. Laifina ne, awa 20 ɗin nan lissafin takarda ne. Irin batirinka mai ruwa, rabinsa ake so a ci in ana son ya daɗe, ka ga saura awa goma. Inbata ita ma tana cin nata, sai a dawo wajen takwas da rabi. Amma in a awa takwas ya mutu murus, akwai wani abu kuma. Sabo ka saya ko na hannu? Kuma yana cika kafin magariba?"

Lura da abin da babu a ciki. Babu ire-iren batir, babu ma'anar komai. Duk lambar da na kira tasa ce: fankarsa, batirinsa, awarsa takwas. Kuma tambayar ƙarshe ba irin "me kuka gani?" ba ce da muke liƙawa don a taru. Ina buƙatar amsarta da gaske, don ba zan san matsalar ba sai ya faɗa.

Kafin in ɗauka na karanta wa abokin ɗakina da baki, ina kallonsa. Duk inda numfashina ya yanke, na raba jimlar biyu. Duk kalmar da ba zan faɗa wa mutum a bakin shago ba, kamar "bugu da ƙari", na soke ta. Daga nan na kife takardar, don idon mai karatu ba ya ɓoyuwa a kyamara. Bidiyon bai kai minti ɗaya ba.

Washegari ya amsa. Na hannu ya saya, kuma faifan solarsa ƙarami ne, ba ya cika batirin a yini. Muka ci gaba daga nan, har ya koma wurin mai shagon da lissafi a hannunsa.

Ba kowace magana nake amsawa da bidiyo ba. Mai zagi tsagwaronsa ba ya neman hira, ina ƙyale shi. Amma wanda ya zo da fushi da lamba a hannu, wannan ya gwada abin da na faɗa da kuɗinsa. Tsohon bidiyon kuwa na sauke shi a daren, kafin wani ya sake sayen batir a kan awa 20 ɗina.