Awoyi Ashirin da Tambaya Ɗaya: Abin da Littafin Laccata Ya Koya Mini

Ran nan ina kwashe tsofaffin takardu daga akwati sai na ci karo da littafin da na yi rubutun lacca a cikinsa lokacin da nake aji biyu na jami'a, a kwas ɗin Tsarin Sautin Hausa. A bangon baya akwai wani ɗan jadawali da na zana da jan biro. Da na gan shi sai na yi dariya, duk da cewa a lokacin da na zana shi ba abin dariya ba ne, domin saura ƙiris ya ja mini maimaita kwas.

Takardar da malaminmu ya raba mana a makon farko ba ta ƙunshi komai ba illa jerin batutuwa biyar: furucin baƙaƙe da wasula, gaɓar kalma, karin sauti, naso da danginsa irin su ganɗantawa da leɓantawa, sai kuma dokar Klingenheben. Ba a faɗi makin da kowanne yake ɗauke da shi ba, ba a kuma nuna wanda ya fi wani nauyi ba. Kwas ɗin sabon komawa hannunsa ne, don haka tambayoyin shekarun baya na wani malami ne daban, ba za su yi mana jagora ba. Da jarrabawa ta matso, ga kwasa-kwasai tara a kaina, sai na ga tilas in san inda zan fi zuba ƙarfina. Dabarar da ta zo mini ita ce in ƙirga lokacin da malam ya ɓatar a kan kowane batu, bisa tunanin cewa mutum ba ya daɗewa a kan abin da bai dame shi ba.

Da yake ina rubuta kwanan wata a saman kowace lacca, lissafin bai yi wuya ba. Bayan an cire ranar gwaji da ranakun da ba a yi darasi ba, laccoci goma muka samu, kowace ta awa biyu, wato awa 20. Furuci ya ci awa 7, karin sauti awa 6, naso da danginsa awa 4, gaɓa awa 2, dokar Klingenheben kuwa awa 1 tak, a laccar ƙarshe, muna ta duban agogo. Sai na raba lokacin bitata daidai da wannan kaso. Furuci da karin sauti suka kwashe kusan kashi biyu bisa uku, gaɓa da Klingenheben na bar su sai daren jarrabawa, na yi musu karatun tsallake-tsallake.

Da aka raba takardar tambayoyi, tambaya ta ɗaya ta dole ce, tana ɗauke da maki 30 daga cikin 70. An jero mana kalmomi bibbiyu: farke da fatake, talaka da talauci, sauro da sabro. Aka ce mu yanka kowace gaɓa-gaɓa, mu bayyana dalilin da ya sa baƙi ya sauya a ɗaya bai sauya a ɗayar ba. Amsar a yau ba ta da wuya a gare ni. A fa-ta-ke, baƙin /t/ farkon gaɓa yake, don haka ya tsira. A tilon kalmar kuwa ya faɗo a ƙarshen gaɓa, fat-ke, sai ya raunana ya koma /r/. Haka /k/ na ta-la-ka ya zo ƙarshen gaɓa a ta-lak-ci ya koma /u/. Sabro ta Sakkwato kuma ta riƙe baƙin leɓe a inda Hausar Kano ta mayar da shi /u/, domin wannan ɓangare na dokar bai game dukkan karuruwan harshen ba. Amma a wannan rana abin da na sani kawai shi ne sunan Bajamushen da aka danganta dokar da shi. Batutuwa biyu da suka ci awa 3 cikin 20 su ne suka ɗauki kusan rabin makin jarrabawa. Na tsallake da ƙyar, albarkacin makin gwaji.

Na ɗauki lokaci ina ganin malam ya yi mana mugunta. Sai a hutun ƙarshen shekara, da zuciyata ta huce, na sake bin littafin shafi-shafi, na gane cewa bai ɓoye mana komai ba. Ma'aunina ne ya auna abin da ba shi nake nema ba.

Abu na farko da na gano shi ne, awoyin farkon zango ba su kai na ƙarshensa tsada ba. Awa 7 ɗin da furuci ya ci a makonnin farko ne, lokacin da ɗalibai ke ta shigowa ɗaiɗai saboda rajista, malam yana komawa baya don waɗanda suka makara. Da yawan abin da ke shafukan kuma maimaicin karatun aji ɗaya ne: wurin furuci, yanayin furuci, matsayin maƙwallato. Bugu da ƙari, gwajin tsakiyar zango gaba ɗayansa a kan furuci aka yi shi, wato malam ya riga ya karɓi abin da yake bin mu a wannan batu. Da na cire maimaici na kuma lura da gwajin, da awa bakwai ɗin ba su ruɗe ni ba. A ɗaya gefen kuma, awa ɗayar da Klingenheben ya samu ta zo ne a lokacin da zango ya ƙure. Malamin da ya rage masa sa'a guda, ya kuma zaɓi ya kashe ta a kan batu ɗaya maimakon ya yi bita ko ya sallame mu, ya faɗi wani abu game da darajar batun a wurinsa.

Abu na biyu shi ne, tsawon lokaci sau da yawa wahalar batu yake nunawa, ba nauyinsa ba. Karin sauti ya ci awa 6 ne saboda mu Hausawa muna furta shi daidai amma ba mu saba jin sa da kunnen nazari ba. Na tuna yadda muka kwashe lacca sukutum muna ta nanata "baba" ta mahaifi da "baba" ta rini, malam yana buga tebur da alli, wasu na cewa sama suka ji, wasu na cewa ƙasa. Wannan horon kunne ne, kuma dole ya ci lokaci. Amma da na ƙirga abin da aka rubuta a kan batun, bai wuce shafi huɗu ba: akwai karin sama da na ƙasa da faɗau, ga yadda ake sa musu alama, ga misalai. A jarrabawa ma tambaya ɗaya ya samu, cikin waɗanda ake zaɓa.

Abu na uku, wanda ya fi ba ni kunya, shi ne ban ƙirga komowa ba. Na ba gaɓa awa 2 domin laccar da ke ɗauke da sunanta a kai guda ɗaya ce. Amma da na bi littafin da fensir ina sa alama duk inda kalmar ta fito, sai na same ta a laccoci bakwai cikin goma. A darasin wasula, malam ya nuna cewa dogon wasali yana gajarcewa idan baƙi ya rufe gaɓa, kamar yadda wasalin ƙarshe na "gida" yake gajarcewa a "gidan". A darasin karin sauti, ya ce faɗau ba ya sauka sai a kan gaɓa mai nauyi. A darasin naso, baƙin hancin da ke komawa /m/ a "gidan Bala" a ƙarshen gaɓa yake. Dokar Klingenheben kuwa kacokan magana ce a kan abin da ke samun baƙi a ƙarshen gaɓa. Har akwai wuri uku da na rubuta da hannuna, a gefen shafi, cewa malam ya ce mu tuna da gaɓa. Batun da malami yake jawowa don ya bayyana wasu batutuwa, shi ne ginshiƙin kwas a tunaninsa, kuma mai tsara tambayar dole yakan nemi abin da zai ɗaure kwas ɗin wuri guda.

Daga wannan shekara na sauya yadda nake lissafi. Ban daina ƙirga awoyi ba, domin su ne mafarin kirki, amma nakan cire lokacin maimaici da na hira da abin da aka riga aka yi gwaji a kai. Sannan in ƙirga sau nawa batu ya dawo a laccar da ba tasa ba. In kuma duba irin jaddadawar da aka yi masa, domin jaddadawa iri biyu ce. Akwai ta shauƙi, inda malami ya iso fagen bincikensa, muryarsa ta ɗaga, ya shiga ba da labarin yadda ya tattaro bayanai a ƙauyuka. Akwai kuma ta aiki, inda yake rage sauri don a rubuta, ya zana misali a allo mataki-mataki, ya ba da wani misalin ya ce a gwada. Ta farko takan cika kunne ta bar shafi fayau. Ta biyu ce ta fi yawan biyo ɗalibi ɗakin jarrabawa, saboda misalin da aka warware a allo tamkar tambaya ce da aka riga aka nuna amsarta.

Duk da haka, wannan kintace ne, kuma yana da iyaka. Takardar jarrabawa kan bi ta hannun masu tantancewa a sashe, wani lokaci har da mai duba na waje, su kuwa jerin batutuwan kwas suke kallo, ba abin da ya faru a aji ba, suna iya neman a sa tambaya a kan batun da aka taɓa sama-sama. Idan malamai biyu suka raba kwas, kowanne yakan kawo tambayoyinsa ko da ɗaya ya fi shiga aji. Saboda haka lissafin yana iya gaya wa ɗalibi abin da zai fara da shi da wanda zai fi daɗewa a kansa, amma ba ya ba shi izinin jefar da wani batu. Kuskurena na gaske ba ƙarancin kason da na ba Klingenheben ba ne, mayar da shi kamar babu ne.

Yanzu da alli ya dawo hannuna, na san daga ciki abin da awoyina suke nufi. Nakan daɗe a kan karin sauti domin fuskokin ɗalibai suna nuna mini ba su ji ba tukuna. Nakan zarce a kan karuruwan harshe domin ina jin daɗinsu. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke nuna inda maki yake. A bara na karɓi littafin wata ɗaliba don in duba aikin gida, sai na ga ta yi irin jadawalina a shafin ƙarshe, ta ba karuruwan harshe kaso mafi tsoka. Ta ƙirga daidai, ni ne na karkatar da ita. A mako na gaba na rubuta batutuwan kwas a allo, na sa kimanin nauyin kowanne a gabansa, na kuma gaya musu wanda sauran suka rataya a kansa. Aikin bai ɗauke ni minti biyar ba.