Godiyar Baki da Godiyar Alƙalami

Bara, da Allah ya ba mu ƙaruwa ta ɗa namiji, kawuna ya aiko mini daga ƙauye da rago da buhun gero domin suna. Da aka watse daga biki na zauna na ɗauki alƙalami, gama ni mutum ne wanda aka koya wa rubutun wasiƙa tun yana yaro, na rubuta masa kamar haka:

"Zuwa ga Kawu. Gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya. Bayan haka, buhun gero da ragon da ka aiko domin sunan jikanka sun iso lafiya ran Talata. An yanka ragon, an raba wa maƙwabta, geron kuwa an yi kunu da fura. Na gode ƙwarai. Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Haza wasalam."

Kalma 54 ke nan, ba ragi ba ƙari, na kuwa yi murna da tsarinta. Sai na tuna idon Kawu ya yi rauni, motar garinsu kuma sai ran kasuwa. Amma yana da waya, jikokinsa na kunna masa saƙon murya na WhatsApp, abin nan da ya shigo a shekarar 2013. Saboda haka na danna wurin ɗaukar magana, na karanta takardar yadda take. Ban cika rabin minti ba na gama.

Uwargidana tana tsakar gida tana ji. Ta ce, "Malam, wannan godiya ce ko sanarwar rediyo? Saurara ka ji kanka kafin ka aika." Na saurara, kunya ta kama ni. Muryar da na ji ta mai biyan bashi ce, wanda ke so ya miƙa kuɗi ya wuce.

Abin da ya fara ɓata ta shi ne sauri. A takarda, mai karatu shi ke da linzami: in ya so ya tsaya kan layi guda, in ya so ya koma baya ya sake dubawa. A murya kuwa linzami na hannun mai magana, mai sauraro bin sa kawai yake yi. Ga shi kuma gaisuwarmu ta mutum biyu ce. In ka ce "ina kwana", akwai gurbin "lafiya lau". In ka ce "ina gajiya", akwai gurbin "ba gajiya". Wasiƙa ta daɗe da warware wannan, ta dunƙule duka cikin "gaisuwa mai yawa". Murya ba ta iya dunƙulewa haka. Dattijo in ya ji gaisuwa daga waya, amsawa yake yi a fili, ko da ya san ba a jin sa. Na sha ganin Kawu yana yi. To, in ba ka bar masa numfashi guda bayan kowace gaisuwa ba, ka take masa amsa ke nan, wannan kuwa rashin ladabi ne ko a zaure.

Da na sake ɗauka sai na wuce gona da iri. Na ja murya ƙasa, na yi ta jinkiri, har uwargida ta ce in Kawu ya ji farkon wannan zai zaci rasuwa aka yi. Gaskiyarta kuwa, domin da irin wannan sanyin murya akan fara labarin mutuwa, ko roƙon rance. Na gane ashe gaisuwa ce ke son natsuwa, amma da zarar an zo kan kyautar sai murya ta tashi, a ji fara'a a cikinta, a kuma ambaci dalilin saƙon da wuri don hankalin mai ji ya kwanta.

Sai batun kalmomi, wanda ya fi ba ni mamaki. "Bayan haka" da "haza wasalam" tufafin takarda ne. A baki sai su zama kamar mutum ya sa alkyabba zai tafi rijiya. Har wa yau, doguwar jimlar nan tawa, wadda ta ɗauko gero da rago da suna da ranar isowa a kai guda, ido na iya sauke ta a hankali, kunne kuwa kafin ya kai ƙarshenta ya manta farkonta. A karo na uku ga abin da bakina ya faɗa da kansa, bayan gaisuwa:

"Kawu, rago ya iso. Kai, Kawu, wannan rago! Mutum uku suka kayar da shi. Gero ma ya iso. Na gode, na gode. Maijego ta ce a gaya maka ta sha kunu. Wallahi na rasa bakin godiya. Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana."

Dubi yadda "na gode" ta zo sau biyu a jere. Da a rubuce ne, da malaminmu na dā ya ja mata jan layi, ya ce ƙarancin kalmomi ne. Amma rubutun boko ba ya nuna hawa da saukar murya, ba ya kuma nuna jan wasali, saboda haka "na gode" ta mai farin ciki da "na gode" ta mai gatse kamarsu ɗaya a takarda. Shi ya sa marubuci ke jingina ta da "ƙwarai" ko "matuƙa". Mai magana bai bukaci tokara ba; ta biyun ba irin ta farkon ba ce, ta fi ta nauyi, kunne kuwa ya san haka.

Akwai kuma abin da takarda ke ɗauka wanda murya ba ta ɗauka. Wasiƙa a lulluɓe take zuwa. Saƙon murya kuwa sau da yawa a zaure ake kunna shi, gaban duk wanda ke zaune. Rago da gero ba laifi a ambace su, yabo ne. Da kuɗi ya aiko, ba zan faɗi adadinsu da baki ba, sai in ce "saƙo ya iso".

Game da tsawo, abin a juye yake. Doguwar wasiƙa wahalar marubucinta ce, mai karɓa kuma yana iya tsallake layi. Dogon saƙon murya kuwa lokacin mai sauraro yake ci. Tun shekarar 2021 ana iya gaggauta sauraro har ninki biyu, samari kuwa suna yi; addu'arka ta koma kamar kukan tsuntsaye. Nawa na uku ya ɗauki wajen minti ɗaya da rabi, watau ninki uku na karatun takardar, rabinsa gaisuwa ne. Na so in ƙara, har na buɗe baki zan tambayi kuɗin taki a garinsu, sai na kame. Wanda ya ɗora wata bukata a bayan godiya, ai ya mai da ita shimfiɗar roƙo.

Da magariba amsa ta zo. Na ji Kawu yana amsa gaisuwata ɗaya bayan ɗaya, kamar ina durƙushe gabansa, sa'an nan ya yi dariya ya ce, "Ɗana, mutum uku? Ai ni kaɗai na ɗora shi a mota." Takardar ma na ba direba ran kasuwa. An ce da aka karanta masa ya karɓa, ya ninke, ya sa cikin aljihun babbar rigarsa.